Ɗigo-ɗigon tsohon hoto: yadda ake saka mutum ba tare da ya yi kama da liƙi ba

Akwai aikin da ake yawan kai wa masu gyaran hoto: ga hoton iyali na wata Sallah da aka ɗauka da tsohuwar waya, ga kuma sabon hoton ɗan'uwan da ba ya gari ranar, a haɗa su. Mai gyara zai yanke shi tsaf, ya daidaita launi, har inuwa ya yi masa a ƙasa, amma kallo ɗaya za a yi a ce liƙa shi aka yi. Sau da yawa yankan ba shi da laifi. Mutumin ne ya fi sauran hoton tsabta, kamar facin sabon yadi a tsohuwar riga.

Mu ce da Nokia 6300 aka ɗauki tsohon hoton, wayar da ta shiga kasuwa a 2007 da kyamara mai megafiksel 2, wato fiksel 1600 a faɗi, 1200 a tsaye. Idon kyamararta ƙanƙane ne, hasken da yake kamawa kaɗan ne. In a zaure ne ko da magariba, sai wayar ta ƙara wa ɗan abin da ta kama ƙarfi, ɗigo-ɗigo su bazu ko'ina, musamman wajen duhu. Kuma ba siraran ɗigo ba ne. Wayar tana ƙoƙarin goge su, sai su dunƙule su zama dabbare-dabbare masu ratsin kore da shunayya. Daga nan JPEG ya matse hoton gida-gida, kowane gida fiksel 8 sau 8, shi ya sa ake ganin ƙananan murabba'ai a bango.

Saboda haka aikin da kallo yake farawa. A Photoshop, a zuƙo hoton zuwa 300%, a nemi wuri mai launi ɗaya kusa da inda mutumin zai tsaya: bango, ko babbar rigar na gefensa. A buɗe Channels a duba ja, kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya. Galibi shuɗin ne ya fi dagulewa. Abin lura shi ne girman ɗigon da ƙarfinsa, da kuma ko a inuwa ya fi yawa.

Ɗigon shi ne na ƙarshe a jerin aiki, kuma nan mutane da yawa suke tuntuɓe. In fuskar sabon hoton fiksel 900 ce a tsaye, fuskokin tsohon kuwa 150, dole a rage ta sau shida. Duk ɗigon da aka zuba kafin ragewar zai narke. A fara ragewa, sannan a dusashe kaifinsa da Gaussian Blur, misali fiksel 1, har zaren hularsa ya daina fitowa fiye da na hular maƙwabcinsa.

Sai a buɗe sabon shafi a saman mutumin, a cika shi da 50% Gray, a mayar da shi Overlay, a ɗaure shi da Create Clipping Mask domin ya tsaya a jikin mutumin kaɗai. Ɗaurin nan ba a wasa da shi, don bayan hoton yana da nasa ɗigon. In aka zuba a ko'ina, bango zai samu biyu, baƙon ya samu ɗaya, bambancin yana nan. A shiga Add Noise, a zaɓi Gaussian, a fara da 4% ko 5%. Masu koyarwa da dama suna cewa a kunna Monochromatic. Wannan ya dace da hoton fim baƙi da fari, amma ɗigon tsohuwar waya mai launi ne, don haka ni a kashe nake barinsa. Abin da Add Noise ke bayarwa fiksel ɗaya-ɗaya ne, mai kaifi, sai an bi shi da Gaussian Blur na 0.6 zuwa 1 ya dunƙule. Dusashewar tana rage masa ƙarfi, sai a koma a ƙara. Lambobin nan mafari ne kawai. Ido ne alƙali.

Overlay yana da rauni ɗaya: a tsaka-tsakin haske yake aiki sosai, ya yi sanyi a wajen duhu, alhali tsohuwar waya a duhun take ɓarna. Alamar ita ce fuska ta saje amma baƙar hula ko ƙarƙashin haɓa su yi sumul. Maganinsa shafi na biyu mai Linear Light, a rage Fill ɗinsa sosai, a shafa shi a inuwa kaɗai.

Saura murabba'an JPEG. A adana kwafin duk aikin a matsayin JPEG mai ƙarancin inganci, ba tare da sauya girmansa ba, a dawo da shi sama, a rufe ko'ina sai jikin mutumin. Da yake girman bai sauya ba, gidajensa za su hau layi ɗaya da na tsohon hoton, muddin ba a taɓa datse gefensa ba.

Kafin a miƙa, a ɗora Curves na wucin gadi a tsananta haske da duhu fiye da kima. In da saura, mutumin zai fito ko dai sumul ko ya fi kowa ƙura. Sannan a tura hoton ta WhatsApp a duba shi a waya, domin can za a kalle shi, kuma matsewar da WhatsApp ke yi takan cinye siririn ɗigo ta bar mai kauri.