NPV a Excel: Jarinka na Yau Ba na Baɗi Ba Ne

Lokacin furojet ya zo, kuma duk mai rubuta binciken yiwuwar kasuwanci sai ya lissafa NPV. Yawancinmu lambobi kawai muke zubawa a Excel mu kwafe amsa. To, akwai tarko a wurin: a ganin NPV, lambar farko da ka ba shi kuɗi ne da zai zo ƙarshen shekara ta ɗaya. Bai san wani abu wai shi “yau” ba.

A ce za ka sayi injin niƙa a kan naira 1,000,000 yau, kana sa ran samun 500,000 duk ƙarshen shekara har shekara uku, kuɗin ruwa kuma kashi 20 cikin ɗari. Ka rubuta -1000000 a B2, sauran ukun a B3 zuwa B5. Abin da hannu ke saurin bugawa shi ne:

```
=NPV(20%,B2:B5)
```

Amsa za ta fito 44,367. Ba jan rubutu, ba gargaɗi, amma ba daidai ba ce. Excel ya raba miliyan ɗinka da 1.2 kamar baɗi za ka biya mai injin, ta koma 833,333. Kuɗin shekara ta ɗaya ya tura shi ta biyu, na uku ya kai shi ta huɗu. Komai ya matsa gaba da shekara guda.

Ka ɗauki kalkuleta ka gani. 500,000 ɗin farko a raba da 1.2 ya ba da 416,667, na biyu a raba da 1.44 ya ba da 347,222, na uku kuma da 1.728 ya ba da 289,352. Jimla 1,053,241, ka cire miliyan ɗin yadda take, saura 53,241. Gyaran shi ne a fitar da jarin daga cikin baka:

```
=B2+NPV(20%,B3:B5)
```

Tarawa ake yi fa, ba cirewa ba, tunda B2 ta riga ta zo da alamar ragi.

Abin da ke sa kuskuren ya daɗe a ɓoye shi ne ba ya mayar da riba asara. Amsar gaskiya kawai yake rabawa da 1.2, don haka hukuncin “a yi” ko “kar a yi” yana nan yadda yake. Amma idan kana gwada injin da wata sana'a da aka lissafa daidai ta ba da 50,000, ai ka yar da wadda ta fi tsoka ke nan. Lakcaran da ya lissafa da hannu kuwa, kallo ɗaya zai yi ya gane.

Ina ganin IRR ne ke ruɗa mutane, domin shi ana ba shi layin duka har da jarin, =IRR(B2:B5), kuma ya yi daidai. In kana shakkar tsohon aikinka, ninka amsar da 1.2, ko ɗaya da kuɗin ruwan da ka yi amfani da shi. Idan ta haɗu da lissafin hannu, jarin yana cikin baka.