Yadda sabon mai shaidar karatu zai yi suna da aikinsa ba tare da yabon kai ba

Shekara da shekaru, matashin Daura da ya gama makaranta yakan yi wa takardunsa hoto, ya kai wa wani babba, ya koma gida jiran kira. Yanzu masu neman aikin sun ƙaru. Ga ɗaliban Kwalejin Dokta Yusufu Bala Usman, ga na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin. Takarda tana nuna cewa mutum ya zauna a aji, amma ba ta nuna abin da hannunsa ya iya. Shi ya sa ake bukatar matashi ya fito da aikinsa fili, har a san shi da shi.

Matsalar ita ce tarbiyyar Bahaushe ta ce yabon kai jahilci ne, kuma wanda ya cika faɗin “na iya” a Daura ba ya daɗewa bai zama abin zunɗe ba. Mafita tana cikin wani karin maganar: gani ya kori ji. Ba kansa matashi zai tallata ba, aiki guda zai nuna, tare da hujjar da kowa zai iya bincikawa.

A ɗauki misalin wanda ya karanta fasahar lantarki, ya zaɓi haɗa wutar sola. Wani mai shago a kasuwar Mai'adua yana da firij mai cin wat 150 da ke aiki awa 8, da fanka mai wat 60 ta awa 10, da ƙwayaye huɗu masu wat 10 na awa 5. Jimillar bukatarsa wat-awa 2,000 ce a rana. Idan aka ƙaddara awa 5 na rana mai ƙarfi, aka kuma ware kashi ɗaya cikin huɗu na asarar da zafi da waya da batir ke jawowa, za a bukaci faifan sola na kimanin wat 530, wato guda biyu masu wat 300.

Wannan lissafin shi ne abin wallafawa, ba hoton matashin sanye da hular kwano ba. Ya rubuta bukatar mai shagon, da dalilin zaɓen kayan, ya sa hoton aikin kafin da bayan kammalawa. Bayan wata guda ya koma ya faɗi abin da ya tarar, ko da hazon hunturu ya lulluɓe faifan wuta ta ragu, da yadda goge shi ya gyara lamarin. Mai ɗaukar ma'aikata ya fi yarda da wanda ya san inda aiki ke samun tangarɗa.

Kowane dandali da mutanensa. Masu shaguna da magidantan Zango, Baure da Sandamu suna Facebook da WhatsApp, kuma Hausa za a yi musu. Kamfanoni, irin masu kwangila a layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa ta Daura, sun fi duba LinkedIn, inda za a rubuta aikin da Turanci. A ko'ina sunan ya zama ɗaya, wanda ke kan takardar shaida, domin laƙabin samartaka ba ya kai mai bincike ga kowa.

Akwai iyakoki. Ba a sa hoton gida ko shagon mutum, balle farashin da ya biya, sai da izininsa. Ɗora aikin wani a matsayin na kai kuwa ba ya ɓoyuwa a garin da kowa ya san kowa. Haka nan doka ta keɓe laƙabin injiniya ga wanda hukumar COREN ta yi wa rajista. Sannan shafin da ya cakuɗa aiki da zagin 'yan siyasa yakan kori wanda ya zo da niyyar ba da aiki.

Ma'aunin nasara ba yawan masu jinjina ba ne, don galibinsu abokai ne. Alamar gaskiya ita ce baƙo ya tambayi farashi, ko wanda aka yi wa aiki ya turo maƙwabcinsa. Idan wata uku ya wuce babu ko ɗaya, sai a duba: ko dai shafin ya tara sana'o'i barkatai har ba a san na wace ce ba, ko kuma hotuna ne kawai babu lissafi da sunan garin da aka yi aikin.