Takardar Miƙa Aiki: Abin da Jami'in Adana Bayanai Zai Bar wa Magajinsa

Idan aka yi wa jami'in adana bayanai canjin wurin aiki, miƙa makullai da rajista ba ya ɗaukar lokaci. Mai wuyar miƙawa shi ne abin da ke cikin kansa, wato yadda yake sarrafa fayil ɗin Excel da ake fitar da rahoton wata-wata da shi. Wannan ne ainihin aikin takardar miƙa aiki.

Mu ɗauki misalin ƙaramin asibiti. Takardar za ta fara da bayyana shafukan fayil ɗin: ɗaya yana janyo bayanan marasa lafiya daga wani fayil na CSV, ɗaya yana tattara jimilla da PivotTable, na ƙarshe kuma shi ake bugawa a kai wa shugaba. Sai ta jera matakan sabuntawa bi da bi. A fara ajiye kwafin fayil ɗin watan jiya. A sa sabon CSV a mazaunin tsohon da suna iri ɗaya, domin idan suna ko wuri ya canza, Excel ba zai same shi ba. Daga nan a shiga Data a danna Refresh All.

Mataki na ƙarshe shi ne tantancewa, kuma shi aka fi mantawa. A ce rajista ta nuna mutum 412 a watan Afrilu, amma rahoto ya kawo 380, adadin watan Maris. Sau da yawa dalilin shi ne PivotTable ya sabunta kafin sababbin bayanai su gama shigowa. Maganinsa a sake danna Refresh All, ko a cire alamar da ke kan Enable background refresh a Query Properties. Babu wani gargaɗi da zai fito a allo, sai wanda ya gwada da rajista ne zai gane.

Matsala ta biyu ta kwanan wata ce. A wurinmu 03/04/2025 na nufin 3 ga Afrilu, amma kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta ɗauke shi 4 ga Maris, sai mara lafiyar ya faɗa cikin rahoton wani watan. Alamarta ita ce ranaku irin 25/04/2025 su maƙale a gefen hagu na gurbinsu, domin babu wata na 25, sai Excel ya ɗauke su a matsayin rubutu. Dole takardar ta faɗi tsarin da ake amfani da shi da inda ake gyara shi.

Ya kai mai barin kujera, kada ka ɓoye aibin fayil ɗinka don gudun zargi. Kafin ka tafi, zaunar da magajinka ya fitar da rahoton wata ɗaya da takardar kaɗai, kai kuma ka yi shiru kana kallo. Duk inda ya tsaya yana tambaya, nan ne rubutunka bai cika ba, sai ka cike shi kafin ka sa hannu.