Sarrafa zafin tanderu da da'ira biyu: dalilin fara saiti daga ta ciki

A matatar man SORAZ, wadda ta fara aiki a shekarar 2011 a arewacin birnin Damagaram da ƙarfin tace ganga 20,000 a kullum, ɗanyen man Agadem yakan bi ta tanderu kafin ya shiga hasumiyar da ke rarrabe shi, kuma a irin wannan aiki ana son ya fito da zafi wajen digiri 350 zuwa 370. Tsohuwar hanya ita ce da'ira guda, wato ma'aunin zafi da na'urar sarrafawa da bawul ɗin gas, kowanne na ba wa na gaba labari. Aibinta jinkiri ne, domin idan matsin gas ya ragu har wuta ta yi ƙasa, sai an yi mintoci kafin ma'aunin ya shaida, alhali man da bai yi zafi sosai ba ya riga ya wuce.

Wannan ne ya sa matatun zamani suka koma ga da'ira biyu, ɗaya cikin ɗaya. Ta wajen tana duba zafi, sai ta faɗa wa ta cikin yawan gas ɗin da ake bukata, ita kuwa ta cikin tana auna kwararar gas tana motsa bawul. Idan, misali, an tsayar da digiri 360 sai kwararar ta ragu da kashi 10 cikin 100, ta cikin za ta ƙara buɗe bawul cikin daƙiƙoƙi, tun zafin bai motsa ba.

Sharaɗin shi ne ta cikin ta fi ta wajen sauri aƙalla sau uku zuwa biyar, kuma daga nan ne tsarin saiti ya samo asali. Ana sa ta wajen a `MAN`, a sauya adadin gas da ake nema kaɗan, a daidaita ta cikin, galibi da `PI`, har ta riƙa isa wurin da sauri ba tare da kai-komo ba. Sannan a mayar da ta cikin `CAS`, a saita ta wajen a hankali. Wanda ya fara da ta wajen ya yi aikin banza, domin ta cikin wani ɓangare ce na abin da ta wajen ke sarrafawa, kuma da zarar an taɓa ta, saitin farko ya lalace. Tsawon kai-komon yakan nuna mai laifi: na daƙiƙoƙi daga ta cikin yake ko daga bawul mai maƙalewa, na mintoci kuwa daga ta wajen.

Tsarin yana da iyaka. Sanyin hunturu ko sauyin yawan man da ke shiga tanderu ba sa bi ta bututun gas, saboda haka ta cikin ba ta ganin su, kuma gyaransu yana nan a wuyan ta wajen da jinkirinta.