Tsakanin Hannu da Kibiya: Yadda Ake Saita Linzamin Kwamfuta

A shagunan ɗab'i na Kano da Kaduna, inda ake zana katin biki da kalanda da fastar 'yan takara da manhajar CorelDRAW, mai zane yakan so ya kama ɗan ɗigon da ke gefen harafi don ya gyara lanƙwasarsa, sai kibiyar ta zarce. Ya dawo da ita, ta gaza kaiwa. Wasu sukan ce linzamin ne ya tsufa, wasu su ɗora wa tebur laifi. Sau da yawa kuwa matsalar tana cikin wani ɗan akwati da Windows ke zuwa da shi a kunne.

Sunan akwatin Enhance pointer precision. Wanda ya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta wannan, zai isa wurin:

```
main.cpl
```

Akwatin yana ƙarƙashin shafin Pointer Options. Sunan yana alƙawarin ƙarin daidaito, amma aikinsa shi ne ya sa tafiyar kibiya ta dogara da saurin hannu. In an ja linzami a hankali, kibiya ta yi tafiyar hawainiya. In an fizge shi, ta yi tsalle mai nisa, ko da tazarar da hannu ya ci a kan tebur ɗaya ce.

Ana iya gwada wannan cikin minti ɗaya. A jingina linzami da gefen littafi mai kauri, a lura da inda kibiya take. A ja shi dama sannu a hankali, sannan a dawo da shi da sauri har ya taɓa littafin. Linzami ya koma mazauninsa, amma kibiya za ta wuce inda ta taso. In aka cire alamar akwatin aka sake gwadawa, za ta dawo kusan daidai wurinta.

Ba a yi wannan tsari a banza ba. Mai aikin ofis da teburinsa ya cika da fayiloli yana amfana da shi, domin ɗan motsin wuyan hannu ya isa ya ratsa allo. Sai dai mai zane da mai wasa da sabo suke aiki. Hannu yana haddace tazara kamar yadda ƙafar tela ta san takun kekensa, kuma ba zai haddace abin da ke canzawa kowane lokaci ba. Ga waɗannan biyun, kashe shi ya fi. Masu kwamfutar Apple ma sun sami maɓallin kashe shi, mai suna Pointer acceleration, a macOS Sonoma da ya fito a 2023.

Da an kashe shi, sai maganar gudu. A saman akwatin akwai ma'auni mai matakai 11, kuma na 6 ne asali. A nan ne duk motsi ɗaya da idon linzami ya ƙirga yake zama fiksel ɗaya a allo, babu ragi babu ƙari. A sabon shafin Settings ma'aunin yana da matakai 20, kuma 10 ne ya yi daidai da wannan. In aka tura tsohon ma'aunin zuwa mataki na 8, Windows zai ninka kowane motsi sau biyu, wato kibiya ta riƙa tsallake fiksel ɗaya a kowane taku. A na 11 ninkin ya kai uku da rabi. Mai son ya ɗora layi a kan layi zai ga akwai wuraren da kibiyar ba ta tsayawa sam, komai natsuwarsa.

Saboda haka a jikin linzami ya kamata a nemi gudu, ta lambar DPI da ake rubutawa a kwalinsa. Lambar tana nufin motsi nawa yake ƙirgawa a cikin inci ɗaya. A ɗauki allo mai faɗin fiksel 1920 da linzami mai DPI 800. In aka raba 1920 da 800 za a sami inci 2.4, kimanin santimita 6, kuma tazarar da hannu zai ci ke nan kafin kibiya ta ratsa allon daga gefe zuwa gefe. Ranar da mai shago ya sayo babban allo mai fiksel 3840, tazarar ta koma santimita 12, sai mai zane ya ji linzamin ya yi nauyi. Maganinsa a mayar da DPI zuwa 1600, a bar ma'aunin Windows a mataki na 6.

Masu wasannin harbi sun fi kowa ƙwaƙƙwafi a nan. Wasanni irin su Counter-Strike 2 da Valorant suna karɓar motsi kai tsaye daga linzami, ba sa bin ta ma'aunin Windows, don haka taɓa shi ba ya canza komai a fagen wasa. Abin da suke aunawa shi ne santimita nawa hannu zai yi kafin ɗan wasa ya juya ya dawo inda yake fuskanta. A Counter-Strike, da DPI 800 da sensitivity a kan 1, juyi ɗaya yana cin kusan santimita 52. Shi ya sa ake ganin ƙwararru da shimfiɗar linzami mai faɗi kamar darduma, suna motsa dantse gaba ɗaya. Wanda ya sauya linzami zuwa mai DPI 1600 sai ya rage lambar zuwa 0.5, hannunsa ya ci gaba da aiki da abin da ya saba.

Saura danna sau biyu, wanda ake saitawa a shafin Buttons. Windows yana ba da rabin daƙiƙa tsakanin dannawar farko da ta biyu, kuma ma'aunin yana tafiya daga kashi 2 cikin 10 na daƙiƙa zuwa kashi 9. Akwai hoton jakar fayil a gefe don gwaji: in ta buɗe, an karɓi dannawar. Akwai kuma sharaɗi na biyu da ba a nunawa a shafin. Dole dannawa ta biyu ta faɗa cikin ɗan murabba'i mai fiksel 4 a kowane gefe. Mai DPI mai yawa, ko dattijon da hannunsa ke ɗan rawa, yakan fita daga murabba'in, sai ya yi ta ƙara lokaci alhali gudu ya kamata ya rage.

A CorelDRAW wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da Shape tool a hannu, danna sau biyu a kan layi yana ƙara ɗigo, a kan ɗigo kuma yana goge shi. In lokacin ya yi tsawo, dannawa biyu da ba a nufi haɗa su ba sai su haɗu, ɗigo ya ɓace, harafi ya karkace. Ɗan matsar da ma'aunin zuwa wajen Fast yana rage wannan.

Amma in an danna sau ɗaya kwamfuta ta ga biyu, ko ana jan abu ya suɓuce a tsakiyar hanya, saiti ba zai gyara ba. Ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashin maɓallin ne ya gaji, yana rawa cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ƙasa da mafi gajeren lokacin da ma'aunin ke bayarwa. A jona linzamin a wata kwamfuta. In ya maimaita halinsa a can, sai mai gyara ya canza makunnin da dalma, ko a sayi sabo.