Awon Fili a Kan Taswira: Zaɓen Tsarin Shimfiɗa a Ƙasa Mai Kusa da Ikwaita

Duniya dunƙulalliya ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya, kuma kamar yadda ba a iya baje ƙwarya a ƙasa ba tare da ta tsage ba, haka ba a iya shimfiɗa doron duniya a takarda ko allon kwamfuta ba tare da wani abu ya jirkita ba. Ƙa'idar lissafin da ake bi wajen wannan aiki ita ce tsarin shimfiɗa. Wani tsarin yana kiyaye siffar wuri da kusurwoyinsa, wani yana kiyaye girman fili, amma babu mai haɗa biyun. Saboda haka gona ɗaya mai iyaka ɗaya tana iya ba da hekta daban-daban, gwargwadon tsarin da aka auna ta a ciki.

Nijeriya ta isa misali. Tana tsakanin digiri 4 zuwa 14 arewa da layin ikwaita, kuma wannan kusanci yakan sa mutane su ɗauka cewa kowane tsari zai yi, tunda jirkitar taswira ta fi tsanani a ƙasashen da ke can arewa. Lissafin wata gona zai nuna iyakar wannan zato. A ce tana wajen birnin Kano, a digiri 12 arewa da kusan 8.5 gabas, girmanta na haƙiƙa hekta 100.

Na'urar GPS tana ba da kusurwoyin gonar a digiri, cikin tsarin da manhajojin taswira ke kira EPSG:4326. Digiri ba ma'aunin tsawo ba ne, domin digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma kusan kilomita 111 ne a ikwaita, amma a Kano ya ragu zuwa 109. Idan aka sa manhaja ta lissafa fili kai tsaye a nan, za ta fitar da wani abu kamar 0.00008. Ganin irin wannan ɗan adadi kaɗai ya isa shaida cewa ba a shimfiɗa bayanan ba tukuna.

Kuskuren da ya fi yin ɓarna shi ne wanda ba ya nuna kansa. Hotunan tauraron ɗan'adam da ake buɗewa a ƙarƙashin taswira galibi suna zuwa ne a tsarin Web Mercator, wato EPSG:3857. Yana ba da amsa a mita, adadin kuma ya yi kama da na gaskiya. Sai dai yana miƙe ƙasa gwargwadon nisanta da ikwaita, ta tsawo da ta faɗi, don haka kumburin fili yana ninkuwa. A Legas ƙarin ya kai kusan kashi 2 cikin 100, a Kano kashi 5. Gonar nan za ta fito hekta 105. Hekta biyar ɗin babu su a ƙasa, amma idan da wannan adadi aka yi ciniki ko lissafin diyya, an biya kuɗinsu.

Ga gona, unguwa ko ƙaramar hukuma, abin da safiyo ya fi dogara da shi shi ne UTM. Wannan tsari ya yanka duniya shiyya 60, kowace mai faɗin digiri 6, ya shimfiɗa kowace ita kaɗai a kan layin tsakiyarta. Nijeriya ta faɗa cikin uku: shiyya ta 31 daga digiri 0 zuwa 6 gabas, inda Legas da Sakkwato suke, ta 32 daga 6 zuwa 12, wadda ta ƙunshi Kano da Abuja, sai ta 33 daga 12 zuwa 18, inda Maiduguri da Yola suke. Lambobinsu EPSG:32631, EPSG:32632 da EPSG:32633.

UTM ba ya kiyaye girman fili cif, amma an san kuskurensa, ana kuma iya lissafa shi. Da gangan aka rage tsawo a layin tsakiya zuwa 0.9996, wato kowace kilomita ta yi ƙasa da santimita 40, domin kada gefen shiyyar ya miƙe da yawa. Awo yana daidaita a nisan kusan kilomita 180 daga layin ta kowane ɓangare, bayan nan ya soma haurawa. Kano tana kimanin kilomita 50 yamma da layin digiri 9, saboda haka gonar za ta fito hekta 99.93. Giɓin ya kai murabba'in mita 700 da ɗoriya, kusan fuloti ɗaya da rabi na ƙafa 50 da 100. Ga noma wannan ba komai ba ne. Ga filin da za a yanka fulotai a bakin birni kuwa kuɗi ne, shi ya sa ƙwararren safiyo ke raba sakamakon da 0.9993 ya maido da shi awon ƙasa. A bakin shiyya ƙarin yana kusantar kashi 0.2 cikin 100, kuma a ƙasashen ikwaita ne ya fi yawa, tunda a nan shiyya ta fi faɗi. Wanda ya auna filin Maiduguri a shiyya ta 32 don kawai ita ce a buɗe a kwamfutarsa zai sami ƙarin da ya haura kashi 0.4.

Tsofaffin takardun fili suna da tasu matsalar. Da yawansu an yi su ne a kan tushen awo na Minna, cikin ɗamarori uku na ƙasa masu layin tsakiya a digiri 4.5, 8.5 da 12.5 gabas. Bambancin tushen Minna da WGS 84 na GPS bai cika taɓa girman fili ba, wurinsa yake gusarwa, da kusan mita 80 a yankin Kano. Idan sabon awo da tsohon zane suka zo da siffa ɗaya da hekta ɗaya amma ɗaya ya zame gefe ya hau filin maƙwabci, a fara duba tushen awo kafin a zargi kowa da cin iyaka.

Idan aikin ya ratsa shiyya fiye da ɗaya, kamar lissafin dazuzzuka ko gonakin shinkafa na ƙasa baki ɗaya, UTM ya gaza, sai tsarin da aka gina don kiyaye girman fili. Akwai na Albers da aka tsara wa Afirka gaba ɗaya, ESRI:102022, amma ƙasa kamar Nijeriya, wadda tsawonta da faɗinta suka yi kusan ɗaya, ta fi dacewa da na Lambert da aka kafa cibiyarsa a tsakiyarta:

```
+proj=laea +lat_0=9 +lon_0=8 +datum=WGS84 +units=m
```

A cikinsa hekta ɗaya a Badagry daidai take da hekta ɗaya a Baga. Abin da aka sadaukar shi ne kusurwa da tsawon layi, waɗanda ke ɗan karkacewa yayin da aka nisanci cibiya, don haka ba a kafa dutsen iyaka da shi.

Akwai hanyar gwada zaɓin da aka yi. A manhajar QGIS, `area($geometry)` yana lissafi a kan shimfiɗar da bayanan suke ciki, shi kuwa `$area` yana yi a kan dunƙulen duniya, muddin an zaɓi WGS 84 a saitin awon aikin. Idan amsoshin biyu suka bambanta da kashi 0.1 ko 0.2 cikin 100, halin UTM ne da aka sani. Idan bambancin ya kai kashi 2 zuwa 5, kusan tabbas Web Mercator ne ya shigo. Duka biyun kuma inuwar fili suke aunawa a daidai matakin teku, ba su san tudu da gangara ba, don haka gonar da ke jikin dutse a Filato za ta fi girma a ƙarƙashin igiyar awo fiye da abin da kowace taswira za ta nuna.