Kurma a gaban kwamitin ɗaukar aiki: wane tafinta za a kira?

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Ta ce hukumomin gwamnati su keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-gine, wa'adin da ya cika a 2024. Dokar ta hau kan makarantun tarayya irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Babura. Sai dai kafin gurbi ya zama albashi, akwai intabiyu.

A ɗauka wani kurma daga Roni ko Gwiwa ya nemi aikin shigar da bayanai a kwamfuta a Kazaure. Matsalar tana farawa tun daga gayyata: in ta waya aka kira, ba zai ji ba, sai a rubuta bai amsa ba. Don haka tun a takardar neman aiki ya kamata ya ce a tuntuɓe shi ta saƙon tes. Da gayyata ta iso, ya rubuta abin da yake buƙata ƙarara: tafinta, ƙarin lokaci, da tambayoyi a rubuce. Ba sai ya kawo tarihin yadda ya kurumce ba.

Batun tafintan ne ke da sarƙaƙiya. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, Maganar Hannu, wadda Constanze Schmaling ta yi bincike a kanta a Kano. Makarantun kurame kuwa, irin ta Tudun Maliki, suna koyar da wata daban mai tushe daga Amurka. Wanda ya tashi da ɗaya ba lallai ya fahimci ɗayar sosai ba. Kwamitin da ya kawo tafinta bai tambayi wadda mai neman aikin yake yi ba, zai samu amsoshi a karkace, ya zaci rashin sani ne. Alamar a bayyane take: ana ta maimaita tambaya, amsa doguwa da hannu tana fitowa kalma biyu a bakin tafinta. Kawo ɗan'uwa ya yi tafinta ma ba mafita ba ne, domin yakan amsa a madadin mutum.

Sauran gyaran ba ya cin ko sisi. Tafinta ya zauna gefen kwamiti yana fuskantar mai neman aikin, kada taga ta kasance a bayansa, don haske kan ɓoye fuska da hannu. A riƙa magana ɗaya bayan ɗaya, shugaban kwamiti ya dubi mai neman aikin ya ce "Malam, wace manhaja ka iya?" maimakon "tambaye shi". Da yake fassara tana cin lokaci, a ƙara mintuna, sannan a zaunar da mai neman aikin gaban kwamfuta ya shigar da bayanan a gani.